Kwanan Aikina Na Farko a Asibitin Dabbobi

Ina ƙarama kare ya cije ni a bayan ƙwauri. Ba na iya tuna zafin cizon sosai, abin da ya zauna mini shi ne gurnanin da ya yi kafin ya kama ni, da jerin alluran rigakafin ciwon haukan kare da suka biyo baya. Daga nan ko haushi na ji daga nesa sai ƙafafuna su yi sanyi. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma gudu yake, haka na girma.

Duk da haka karatun likitan dabbobi na zaɓa, don ina son shanu da tumaki, kuma a tunanina da su zan ƙare rayuwata. Shekarun farko na aji da ɗakin gwaji ba su dame ni ba. Da muka shiga shekarun asibiti, aka fara zagaya da mu sashe-sashe, sai abin da nake ɓoyewa ya fito fili. Da rana akwai dabara. Muna da yawa, wani zai riƙe karen, ni in ɗauki biro in zama mai rubutu. Amma da na ga sunana a jadawalin kwana na sashen ƙananan dabbobi, sai barci ya ƙaurace mini. Na yi kuka a ɗaki ni kaɗai. Har na fara lissafin yadda zan gaya wa mahaifiyata cewa zan bar karatun bayan duk wahalar da ta sha a kaina. Ban gaya wa kowa ba, don ina jin kunyar a ce ɗalibar likitan dabbobi tana tsoron kare.

Mu uku ne a daren: likitan da ke kula da mu, da wani dattijo ma'aikacin jinya da ya daɗe a wurin, wanda kowa ke kira Baba, sai ni. Wajen ƙarfe goma sha ɗaya aka kira likita ɗaya sashen saboda wata tunkiya da haihuwa ta gagara, sai an yi mata tiyata. Bai jima da shiga ba na ji ana dukan ƙofa.

Wani magidanci ne da ɗansa, yaro da bai wuce shekara goma sha biyu ba, sun tallabo kare a cikin bargo. Mota ce ta buge shi a bakin titi, kusan rabin awa kafin su iso. Ƙafarsa ta baya ta hagu tana lilo, fata ta saluɓe, kan ƙashi ya leƙo waje. Rigar yaron duk jini. Uban yana ta nuna mini ƙafar yana cewa, "Likita, ki dubi ƙafar, ki taimaka ki ɗaure masa ƙafar."

Idona ma can ya tafi. Ido ba ya iya kauce wa ƙashin da ya fito waje. Baba ne ya ɗora karen a kan sikeli, ya ce kilo 20, ya yafa gozi, ƙyallen rufe rauni, mai tsabta a kan raunin, sannan ya juyo ya ce mini, "'Yata, ƙafa za ta jira mu. Duba mini numfashinsa."

Abin da aka koya mana ke nan a aji, kuma a daren na ga dalilinsa da idona. Da wuya karayar ƙwauri ta kashe kare a cikin awa ɗaya, in dai ba jini ne ke tsartuwa ba. Abin da ke kashe shi yana cikin ƙirji ko cikin ciki, inda babu abin da mai shi zai nuna maka. Shi ya sa ake bin tsari: hanyar iska, numfashi, zagayawar jini, sannan ƙwaƙwalwa da laka, ƙashi ya zo daga baya.

Na tsaya na ƙirga. Kare mai lafiya a kwance yana numfashi sau 10 zuwa 30 a minti. Wannan yana yin 64, gajeru, sama-sama. Ya miƙe wuya, ya ware gwiwoyin ƙafafun gaba, kuma duk lokacin da aka so kwantar da shi a gefe sai ya yunƙura ya koma kan ƙirjinsa. Baba ya ce a bar shi yadda ya zaɓa, don a haka ne huhunsa biyu suka fi samun wurin buɗewa.

Nan ne abin ya zo mini wuya. Kare mai jin ciwo yana iya cizon mai shi ma, saboda haka ƙa'ida ce a sa masa takunkumi kafin a taɓa shi. Amma karen da ke fama da numfashi ba a ɗaure masa baki, domin da bakin yake taimakon kansa. Baba ya zarga masa bandeji a baki na ɗan lokacin da muka ɗaga shi zuwa kan tebur, muna ajiye shi ya kwance bandejin. Sai ya miƙo mini bututun iskar oksijin ya ce in riƙe dab da hancinsa, in kuma ɗaga leɓensa in gaya masa launin dasashi. Shi hannunsa biyu suna riƙe da kai da kafaɗa, ga bakin a sake, kuma ba wani hannun da ya rage sai nawa.

Ban san tsawon lokacin da na tsaya ba. Ina jin bugun zuciyata a cikin kunnena. Haƙoransa suna nan a buɗe, tazarar yatsu kaɗan daga inda hannuna zai je. Na ɗago na ga yaron yana kallona, ya ɗauka ni ce likitan, yana jiran in yi wani abu. Na yi bisimilla a zuci na sa babban yatsana a leɓen sama na ɗaga. Leɓen da sanyi. Karen bai ko juyo ba, duk ƙarfinsa ya tafi wajen jawo iska.

Dasashin ya yi fari fat, da ɗan toka-toka, maimakon ja-ja mai haske. Na danna da yatsa na saki. A kare mai lafiya launi yana dawowa kafin daƙiƙa 2, nasa sai da ya kai 3. Na sa hannu a cikin cinyarsa ta dama na lalubi jijiya, bugun siriri, da ƙyar nake jin sa. Zuciya tana bugawa 180 a minti, alhali kare mai girmansa bai kamata ya wuce 120 ba in yana hutawa. Zafin jiki 37.1, ƙasa da 38 zuwa 39 da aka saba. Waɗannan duka magana ɗaya suke yi: jini ba ya isa gaɓoɓi yadda ya kamata, jiki ya janye shi daga fata da ƙafafu ya tattara wa zuciya da ƙwaƙwalwa. Shi ne halin da muke kira shok.

Sai na ɗora abin sauraro a ƙirjinsa. A ƙasa, kusa da zuciya, ina jin shigar iska da fitarta. Da na matsa sama ta gefen dama, kusa da gadon baya, sai shiru. Ƙirjin yana motsi amma ba sauti. Na koma hagu na saurara, akwai sauti ko da ba shi da ƙarfi. Na dawo dama, shiru dai. Na tura yaron da gudu ya gaya wa likita ta bakin ƙofar tiyata cewa ana neman sa, na ce ya faɗa masa abubuwa uku: mota, numfashi, dama shiru.

Kafin ya iso muka aske gashin ƙafar gaba, na sa kanula, siririn bututun ba da ruwa da magani, a jijiya. Hannuna yana rawa, amma ta shiga. Na ɗebi jini kaɗan a siririn bututun gilashi don gwaji.

Likita ya shigo da rigar tiyata a jikinsa. Bai ce komai ba sai da ya saurari ƙirjin da kansa. Ya tambaye ni, "Me kike zato?" Na ce, "Malam, ina zaton iska ce ta taru tsakanin huhu da bangon ƙirji." Ya ce, "Me ya sa ba jini ba?" Na ce da jini ne da a ƙasa za a ji shirun, tunda ruwa ƙasa yake kwanciya, iska kuwa sama take hawa. Ya gyaɗa kai ya ce Baba ya kawo kaya.

Uban yaron ya tambaya ko ba za a ɗauki hoto ba tukuna. Likita ya ce masa, "Maigida, in na kwantar da shi a gefe na danne shi don hoto a wannan hali, zai iya mutuwa a kan teburin hoton. Allurar nan ita ce gwajin, ita ce kuma maganin."

Ga yadda abin yake. Huhu ba ya buɗe kansa, ƙirji ne ke faɗaɗa ya jawo shi, kuma hakan yana yiwuwa ne saboda babu iska a tsakaninsu. In bugu ya yaga huhu, iska takan zurara cikin wannan tsakanin, ta taru, ta matse huhun ya kasa buɗewa. In ta yi yawa har manyan jijiyoyin da ke mayar da jini zuwa zuciya takan danne, sai shok ya ƙaru. Maganin gaggawa shi ne a zuƙe ta.

Muka aske gefen dama, muka wanke. Likita ya kama yatsana ya sa na ƙirgo haƙarƙari daga na ƙarshe, na goma sha uku, ina dawowa gaba har tsakanin na takwas da na tara. Ya ce a sama za mu shiga, kashi ɗaya cikin uku na saman ƙirji, tunda iska muke nema. Ya kuma ce allura ta bi ta gaban haƙarƙari, kada ta bi bayansa, saboda jijiyoyin jini da jijiyoyin ji suna kwance ne a gefen baya na kowane haƙarƙari. Shi ya soka allurar, ni na riƙe sirinji mai mil 60 da ke haɗe da bututu da ɗan famfo mai baki uku.

Na ja, sirinjin ya taho da sauƙi, cike da iska. Na juya famfo na fitar, na sake ja. Baba yana ƙirgawa da ƙarfi. A ja na goma sha ɗaya sai na ji sirinjin ya cije, yana mayar da hannuna. Mun cire kusan mil 600. Ban taɓa ganin magani mai saurin aiki irin wannan ba. Tun ina ja na shida na ga wuyansa ya fara saukowa, ya daina ware ƙafafu, sannan ya ɗora haɓarsa a kan tebur. Na ƙirga numfashi, 40. Likita ya gwada gefen hagu ma, abin da ya fito bai taka kara ya karya ba.

Sai maganar ƙarin ruwa. Jinin kare gaba ɗaya kusan mil 85 ne a kowane kilo, wato nasa bai wuce lita ɗaya da mil 700 ba. Ni a raina so nake a buɗe ledar ruwa ta zuba, tunda zuciya tana gudu haka. Likita ya ce a'a, mil 10 a kowane kilo, wato mil 200 a cikin minti goma sha biyar, sannan a tsaya a sake aunawa. Dalilinsa shi ne bugun da ya isa ya yaga huhu ya isa ya ƙuje shi, kuma huhun da ya ƙuje yana tsotse ruwa ya kumbura in aka cika wa jiki. Haka kuma in akwai inda jini ke zuba a ciki ya fara daskarewa, tura ruwa da ƙarfi yana iya ɓalle shi. Bayan mil 200 na farko zuciya ta sauko 156. Aka ƙara wani 200, ta dawo 132, dasashi ya fara yin ja-ja, sai aka rage gudun ruwan.

Don ciwo aka yi masa allurar metadon ta jijiya. Uban ya ce yana da maganin ciwon jiki na mutane a aljihu, da ya so ya ba shi a hanya amma karen ya ƙi buɗe baki. Likita ya ce Allah ne ya kiyaye. Magunguna irin su ibufurofen da dikulofenak suna ɓata cikin kare da ƙodarsa ko yana lafiya, balle a lokacin da jini ba ya isa ƙodar.

Gwajin jinin ya koya mini abin da ban gane ba a aji sai a daren. Kaurin jininsa, wanda muke rubutawa PCV, ya nuna 44 cikin ɗari, daidai da na mai lafiya. Na ji daɗi na faɗa da murna. Likita ya ce in karanta furotin. Na duba, 5.2, alhali ya kamata ya kai 6 ko fiye. Ya ce saifar kare tana ajiye jajayen ƙwayoyin jini, in jini ya zuba sai ta matse ta turo su, saboda haka PCV yakan yi kyau a awannin farko ko da ana zubar jini. Furotin ba shi da irin wannan ma'ajiya, shi ke fara faɗuwa. Ya ɗora na'urar sikanin a wurare huɗu na cikin, ya ga ɗan ruwa kusa da saifa, ba mai yawa ba. Mafitsara tana nan a cike, zagayayya. Ya ce za mu sa ido.

Sai a lokacin muka koma kan ƙafar. Aka yi masa allurar kashe ƙwayoyin cuta tunda ƙashi ya haɗu da ƙasar titi, muka wanke raunin da ruwan gishiri na asibiti mai yawa, muka rufe, muka naɗe ƙafar da auduga mai kauri tun daga yatsu har saman gwiwa. Likita ya matse yatsun ƙafar, karen ya juyo da kai ya yi ƙara. Wannan ƙarar alheri ce, tana nufin saƙon ciwo yana kaiwa ƙwaƙwalwa.

Yaron ya matso kusa da ni ya ce, "Anti, zai rayu?" Na buɗe baki zan ce masa eh, don abin da zuciyata ke so ke nan. Likita ya riga ni. Ya durƙusa daidai tsayin yaron ya ce masa karen ya fi yadda ya zo, amma ƙujewar huhu takan ƙara tsananta a cikin kwana ɗaya zuwa biyu, saboda haka ba zai yi masa alkawari ba sai an wuce nan. Yaron ya share hawaye ya ce to. A ganina ya fi samun natsuwa da wannan amsa fiye da wadda na so ba shi.

Suka tafi, likita ya koma kan tunkiyarsa, aka bar ni da takarda da agogo. Umarnin shi ne duk minti goma sha biyar in rubuta numfashi, bugun zuciya, launin dasashi da saurin dawowarsa. In numfashi ya haura 50, ko zuciya ta koma sama da 150, in kira shi ko me yake yi.

Wannan sashe na daren ba shi da abin ba da labari, amma a wurina shi ne ainihin aikin kwana. Lamba ɗaya ba ta gaya maka komai, jerinsu ne ke magana. Na ja kujera na zauna a bakin kejin. Duk zagaye sai na buɗe ƙofa, na sa hannu, na ɗaga leɓen nan. Tsoron bai tafi ba, kowane zagaye sai cikina ya ɗuri ruwa, musamman da ya fara farfaɗowa yana bin hannuna da ido. Na koyi in yi masa magana kafin in taɓa shi, in zo ta gefe ba ta gaba ba, in fara ɗora hannu a kafaɗa.

Wajen ƙarfe uku lambobin suka fara tafiya. Numfashi 36, sai 40, sai 44, sai 48. Ba wadda ta kai iyakar da aka ba ni, kuma in ka leƙo sau ɗaya za ka ce barci yake. Na saurari dama, sautin sama ya sake dusashewa. Na yi ta jujjuya abin a raina: in tashe shi a kan 48 alhali 50 ya ce? Na dubi takardar na ga babu zagaye ɗaya da lambar ta sauka. Na je na ƙwanƙwasa.

Ya zo ya duba takardar kafin ya duba karen. Wannan karon ya ce ni zan soka, shi zai riƙe sirinji. Na ƙirgo haƙarƙari, na bi ta gaban ƙashi, na ji ɗan ɓus a yatsana lokacin da allura ta ratsa tantani. Mil 250 ya fito. Ya ce in ta sake taruwa a karo na uku kafin safiya, za mu sa bututu mu bar shi a ƙirjin. Ba ta sake ba. PCV ya sauka zuwa 33 bayan ruwan da aka ba shi, aka sake gwadawa da asuba aka samu 31, ya tsaya a nan, ruwan da ke kusa da saifa bai ƙaru ba. Da gari ya waye ya yi fitsari mai yawa, Baba ya ce alhamdu lillahi, ya je ya rubuta.

Na miƙa aiki na fita bayan ginin na zauna a ƙasa. A nan kukan ya zo, jikina yana ta karkarwa, wadda na danne tun dare. Na kira mahaifiyata. Ban gaya mata na yi niyyar barin karatu ba, na dai ce mata na kwana da kare, hannuna a bakinsa. Ta yi shiru, sannan ta ce, "Ke ɗin?" Na ce ni ɗin. Ta sa mini albarka.

A dare na biyu zuciyarsa ta yi ɗan tsalle-tsalle, abin da kan faru bayan bugu a ƙirji, aka sa masa ido ya wuce ba tare da magani ba. Sai da huhun ya warware aka sa shi barci aka gyara ƙashin da ƙarafa ta waje, don maganin sa barci a kan huhu mai rauni haɗari ne da babu dalilin ɗauka saboda ƙafa. Raunin fatar ya ɗauki makonni ana wankewa. Ya koma gida yana ɗan ɗingishi.

Yanzu ina shekarar ƙarshe, kuma na nemi a ƙara mini kwana a sashen gaggawa. Ba kowane irin wannan dare ne ke ƙarewa haka ba. Akwai wata karya da aka kawo mana bayan kwana biyu da bugu, mai ita ya ce ta tashi da ƙafarta ta shiga gida, ba jini ko ɗigo, shi ya sa ya bar ta. Mafitsararta ta fashe tun ranar, fitsari yana taruwa a cikinta, kuma ba mu iya ceto ta ba. Tun daga nan duk wanda ya kira ya ce mota ta taɓa karensa amma ga shi yana tafiya, nakan ce ya kawo shi a daren. Ya ɗora shi a kan katako ko bargo, kada ya ɗaure masa baki in yana haki, ya kiyaye hannunsa, kada ya ba shi maganin mutane, kuma ya lura ko ya yi fitsari da wane lokaci, don zan tambaye shi.